Affect ko effect: dubi mazaunin kalmar a cikin jimla

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Malamin da ke duba aikina na kammala digiri ya dawo mini da babi na ɗaya, duk jan biro a kan affect da effect. Ga layukan da ya ja wa layi: The removal of fuel subsidy in 2023 has effected small traders. This study examines the affect of transport cost on food prices. High fares affect on the profit of traders. Government should affect changes in the policy. Ni duk ɗaya nake jin su. Don Allah yaya ake gane wadda ta dace?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kunnenki bai yi ƙarya ba, domin a bakin masu harshen ma kusan sauti ɗaya suke fita. Dukkansu biyun a gaɓa ta biyu ake danna murya, wato a kan "fect", shi kuwa wasalin farko sai ya raunana, ya zama ɗan guntun sauti da ba a iya cewa a ne ko e. Shi ya sa Baturen da aka haifa cikin harshen yake wannan kuskuren a rubutu kamar kowa. Ga kuma dangantakar jini: duka biyun daga Latin suka fito, daga kalmar facere mai nufin yi ko aikata. Ɗaya aka liƙa mata ad a gaba, mai nuna nufar wani abu, ta zama afficere, wato yi wa abu wani abu. Ɗayar aka liƙa mata ex, mai nuna fitowa, ta zama efficere, wato yin abu har ya fito ya tabbata. Sauti ɗaya, asali ɗaya, ma'ana kuma maƙwabtan juna. Na'ura ma ba kasafai take taimakawa ba, don jan layin da take yi a ƙarƙashin kalma na wadda ba ta cikin ƙamus ne, su kuwa waɗannan duk suna ciki.

To tunda kunne ba zai raba gardama ba, sai a koma ga aikin da kalmar take yi a cikin jimla. A mafi yawan rubutun da za ki yi, affect aikatau ce, effect kuma suna ce. Hausa ta riga ta ba ki ma'auni mai kyau, don mu ba ma haɗa su: affect ita ce "shafa", effect kuma ita ce "tasiri" ko "illa" ko "sakamako". Babu Bahaushen da zai ce "tsadar mai ta tasirin 'yan kasuwa", ko ya ce "muna binciken shafi tsadar mai". Sai dai "tsadar mai ta shafi 'yan kasuwa", da "muna binciken tasirin tsadar mai". Idan kin tsaya kina kokwanto, mayar da jimlar Hausa a zuci. In "ya shafi" ko "zai shafi" ya zauna daram, harafin a ne a farkon kalmar. In "tasirin" ko "illar" ne ya zauna, harafin e ne.

Mu ɗauki layinki na farko. Kalmar ta zo bayan has, ta ɗauki -ed a ƙarshe, sannan small traders na biye da ita kai tsaye. Alamomin aikatau ke nan gaba ɗaya: mataimakin aikatau a gabanta irin su has, will, can, may ko does not, ɗafin lokaci a jikinta, da karɓau a bayanta. A Hausa kuwa cewa za ki yi cire tallafin mai ya shafi ƙananan 'yan kasuwa. Saboda haka "has affected small traders" ne daidai. Abin da kika rubuta ba wai ba shi da ma'ana ba ne, yana da ita, sai dai ba wadda kike nufi ba: "has effected small traders" na nufin cire tallafin ne ya samar da 'yan kasuwar, da can babu su. Zan dawo kan wannan.

Layi na biyu ya fi sauƙi. Akwai the a gaba, akwai of a baya. Duk kalmar da ta zauna tsakanin waɗannan biyun suna ce, kamar yadda a Hausa duk abin da ya ɗauki -n ko -r na mallaka, irin "tasirin kuɗin mota", ya zama suna. Don haka "the effect of transport cost on food prices". Haka abin yake in kin ga an, no, any ko its a gaba, ko wata sifa kamar negative, serious, little: "a negative effect", "no effect", "its effect". Wannan ƙirar ta "the effect of kaza on kaza" ita ce take cike da kanun ayyukan ɗalibai a jami'o'inmu, kuma ba a taɓa rubuta ta da a.

Layi na uku shi ne wanda na fi so ki tsaya a kai, domin kuskuren ba na harafi ba ne. Kin zaɓi kalmar da ta dace, affect, tunda aikatau ake buƙata bayan high fares. Abin da malaminki ya ja wa layi shi ne on. Aikatau affect ba ta son komai ya shiga tsakaninta da karɓau ɗinta. Wannan on ɗin na effect ne, kuma na san inda yake fito mana: muna tunanin "ya yi tasiri a kan riba", sai "a kan" ya biyo mu cikin Turancin. Amma ki lura, ko a Hausa ba ma cewa "ya shafi a kan riba", sai "ya shafi riba". Hanyoyin gyara biyu ne, kowacce daidai ce. Ko dai ki cire on, ki bar "High fares affect the profit of traders", ko ki koma ƙirar suna baki ɗaya, ki ce "High fares have an effect on the profit of traders". Ta farkon ta fi gajarta, ta fi ƙarfi, ita nake ba da shawara. Ta biyun tana da amfani ne in kina son saka sifa, kamar "have a serious effect on". Abin da ba ya yiwuwa shi ne haɗa rabin wannan da rabin wancan.

Sai layi na huɗu, inda dokar "affect aikatau, effect suna" take kai mutum ta baro. Kin ga should a gaba, kin ce aikatau ake so, kin sa affect. Tunaninki ya bi hanya, amma effect ma tana zama aikatau, da ma'ana ta daban: zartarwa, aiwatarwa, samar da abin da babu shi. Nan ne asalin nan na Latin yake amfani. Affect tana taɓa abin da yake nan tun da farko. Effect tana haifar da abin da bai wanzu ba. To ki tambayi kanki: canje-canjen nan da kike magana, suna nan ne gwamnati za ta taɓa su, ko kuwa so kike gwamnati ta kawo su? Kawo su kike nufi, don haka "should effect changes in the policy". A Hausa ma "ta aiwatar da canje-canje" za ki ce, ba "ta shafi canje-canje" ba, kin ga ma'aunin namu bai gaza ba ko a nan.

Wannan aikatau ɗin ba ta da abokai da yawa. Za ki gan ta ne da change, repairs, payment, transfer, arrest, corrections, galibi a takardun ofis da na banki da na 'yan sanda. Kuma a nan harafi ɗaya yana juya magana sosai. "The bank has effected the payment" na nufin banki ya biya kuɗin, an gama. "The network problem affected the payment" na nufin matsalar sadarwa ta kawo wa biyan cikas. Idan malaminki ya rubuta miki "effect the corrections" a gefen takarda, ba kuskure ya yi ba, cewa yake ki shigar da gyare-gyaren. In kuwa kalmar ta yi miki nauyi, "make changes" ko "bring about changes" sun wadatar, babu mai rage miki maki.

Akwai wurare biyu da duba maƙwabciyar kalma kaɗai yake yaudara. Na farko shi ne "the affected traders" ko "the affected areas". Ga the a gaba, amma an rubuta da a, kuma daidai ne, saboda sunan da the take nunawa shi ne traders, ita kuwa affected sifa ce da aka ƙera daga aikatau, wato 'yan kasuwar da abin ya shafa. Haka "factors affecting food prices", abubuwan da ke shafar farashin abinci. Na biyu shi ne -s na ƙarshe. A "inflation affects everyone", -s ɗin na aikatau ne mai bin aikau tilo. A "the effects of inflation", -s ɗin na jam'i ne. Kada ki dubi wutsiyar kalmar, dubi ko wani yana aikata wani abu ne ko kuwa ana ambaton sunan abu.

Wasu za su ce miki ki gwada saka influence a gurbin, in ta zauna to affect ce. Ban yarda da wannan dabarar ba, domin influence kanta suna ce kuma aikatau ce, ko'ina kika sa ta za ta zauna, ba ta gaya miki komai ba. In da Turanci kike son gwadawa, yi amfani da result. "The result of transport cost" ya karantu, to effect ce. "Has resulted small traders" bai karantu ba, to ba suna ake nema ba.

Ragowar sai haddacewa, kuma dukkansu da e ake rubuta su: "with effect from" da "with immediate effect" na takardun ɗaukar aiki da na sallama, "take effect" ga doka ko magani in ya fara aiki, "side effects" na jikin takardar magani, "personal effects" wato kayan mutum na kansa, da sifar nan effective. Affect tana zama suna, amma a fannin nazarin halayyar ɗan Adam da likitancin ƙwaƙwalwa kawai, inda take nufin yanayin zuciya da ke bayyana a fuska da murya, kamar "flat affect", kuma a can gaɓar farko ake dannawa. Aikinki na tattalin arziki ne, ba za ki buƙace ta ba.

Kafin ki mayar wa malamin da babin, buɗe fayil ɗin ki danna Ctrl+F, ki rubuta ffect ba tare da harafin farko ba. Zai fito miki da duka biyun a jere, har da affected da affecting da effective. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kina gwada "shafi", "tasirin" da "aiwatar da" a kan kowacce. Kada dai ki yi amfani da Replace All, don a layuka huɗun nan kaɗai biyu sun koma e, ɗaya ta koma a, ɗaya kuma harafinta bai canza ba.