Kwan fitila na ɗakin kwana da na kicin

"Na sa farin kwai a ɗakin kwana, yanzu ɗakin ya koma kamar asibiti. Wane iri ya dace?"

Malam, duba jikin kwalin, za ka ga lamba da K a ƙarshenta, ita ke nuna launin hasken. Naka ina zaton 6500K ne, shi ya cika kasuwa, haskensa har da ratsin shuɗi. Ɗakin kwana 2700K ko 3000K yake so, mai ruwan ɗorawa, ba ya gajiyar da ido da dare. Wancan farin kada ka yar, kai shi kicin, inda uwargida ke tsince shinkafa.

Ƙarfin haske kuma lumen ake dubawa. Kwan LED mai wat 9 yakan ba da kusan lumen 800, ya ishi ƙaramin ɗakin kwana. Falo sai biyu ko uku.