Sabon malami da aji mai surutu

"An haɗa ni da sabon malami mai NCE, ajinsa surutu ba kama hannun yaro. Ta ina zan fara?"

Malam, kada ka tsawata wa ɗaliban a gabansa, daga ranar kwarjininsa ya zube. Zauna a bayan aji, ka lura da minti biyar na farko. Yawanci za ka ga ya shigo ya juya baya yana rubutu a allo, yara ba su da abin yi. Nan surutun yake farawa.

Bayan an tashi, ku keɓe. Gyara ɗaya kawai za ka ba shi: ya rubuta tambayoyi biyu a allo kafin darasi, ya tsaya yana fuskantarsu har kowa ya buɗe littafi. Idan mako ya zagayo bai canza ba, ya zo ajinka ya ga yadda kake yi.