Batir na zuba tun bayan ofdet

Tambaya a guruf: "Salam jama'a, tun da na yi ofdet ɗin wayata shekaranjiya batir ke zuba kamar kwando, caji ɗaya ko azahar ba ya kaiwa. In sake batir ne?"

Amsa (murya, an mai da ita rubutu):

Wa alaikumus salam. Malam Sani, tsaya tukuna, kar ka je kasuwar waya ta PZ a Zariya ka kashe kuɗinka a kan batir, don batir ba ya mutuwa dare ɗaya. Ka ce shekaranjiya ko? To kwana biyu ukun farko dama haka take yi, wayar tana sake shirya manhajojin da ke cikinta su dace da sabon tsarin, ga Play Store shi ma yana ta sabunta su ta bayan fage, shi ya sa za ka ji bayanta da ɗumi ko ba ka taɓa ta ba. Ka bar ta a caji dare ɗaya in an kawo wuta, tana cikin caji ne take ƙarasa aikin.

In ta wuce kwana uku ba ta dawo daidai ba, to akwai ɓarawo a ciki. Ka cika ta ɗari, ka cire, ka ajiye bayan isha'i, da asuba ka duba. Waya mai lafiya ɗan kaɗan take saukewa, kamar biyar zuwa takwas. Sai ka shiga Settings, Battery, Battery usage, sunan yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Kar kason ya ruɗe ka, WhatsApp zai hau sama mana tunda a kai kake wuni. Ka taɓa kowace manhaja ka gwada lokacin Screen time da na Background.

Ta ƙanwata da ke karatu a Samaru haka ta yi, daga ɗari ta wayi gari sittin da biyu. Da na buɗe sai ga wata manhajar tura fayil, minti huɗu kawai ta yi a fuskar waya, amma awa bakwai a bayan fage, wallahi ita ta ma manta da ita. Na shiga App info, Battery, na sa Restricted, izinin Location ma na mai da shi Allow only while using the app. Washegari casa'in da huɗu ta tashi da shi. Amma fa kar ka sa wa WhatsApp Restricted, saƙo zai riƙa makara.

In kuma abin da ke sama Mobile network ne ko Cell standby, to sabis ne, wayar tana ta neman 5G a inda babu ƙarfi, sai ka je Preferred network type ka mai da ita 4G. Ka gwada kwana ɗaya a Airplane mode, in har a hakan ma tana zuba kuma jerin bai nuna kowa ba, to a nan ne za a fara zargin batir. Turo mana hoton Battery usage ɗin gobe da safe mu gani.