Shin keken aiki na biyu zai mayar da kuɗinsa?

“Ina da keken aiki ɗaya, kullum aiki ya fi ƙarfina kusa da salla. In ƙara na biyu?”

Malam, rufe ido ga watan azumi tukuna, don shi ke ruɗar teloli. Watan da kasuwa ta kwanta za ka yi lissafi da shi.

A ce keken ₦600,000 ne, kana son ya dawo da kuɗinsa cikin shekara biyu: ₦25,000 ke nan duk wata. Ƙara ₦15,000 na gyara da man janareta, ya zama ₦40,000, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Idan aikin wuyan riga ₦5,000 ne, zare da takardar mannawa suka ci ₦1,000, yaron da zai hau keken ya karɓi ₦2,000, saura ₦2,000. Raba 40,000 da 2,000, riga 20 ke nan a wata.

Amma ashirin ɗin nan sai sun kasance sababbi, wato waɗanda kake mayarwa ko kake kai wa wani shago yanzu. Aikin da tsohon keken zai iya cinyewa ba ya cikin lissafi. Duba littafinka na wata shida bayan babbar salla. In ba su kai ba, ci gaba da bayarwa waje.