Haya da kuɗin makaranta a Ingila: wanne zan tura da kaina, wanne zan bari a cira?

*Assalamu alaikum Malam. Ina aikin kula da tsofaffi a Bradford, albashina yana shiga ranar 25 ga wata. Hayar gida fam 780 ce duk 1 ga wata, mai gidan ya ce in yi masa standing order. Makarantar rainon 'yata kuma sun ba ni fom na direct debit, na ƙi sa hannu don ina tsoron ba wani damar taɓa asusuna. Akwai kuma kuɗin makarantar 'ya'yan yayana a Kano. Ya zan tsara su?*

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi wa mai gida abin da ya nema, ka kuma sa wa makarantar hannu. Kowannensu ya nemi abin da ya dace da irin kuɗinsa.

Bambancin yana wurin wanda ke ba da umarni. A standing order kai ne kake gaya wa bankinka ya tura wa wane adadi kaza, rana kaza, kuma babu mai iya sauya adadin ko ranar sai kai. A direct debit kuwa izini kake ba makarantar ta nemi abin da take binka daga bankinka, ita ke faɗin nawa ne da kuma yaushe. Shi ya sa haya, wadda take tsaye wata da wata, ta dace da na farko. Kuɗin raino yakan hau ya sauka, wani watan kwanakin sun fi yawa, wani watan an ƙara wa yarinya awanni, don haka na biyun ya fi masa.

Abin da mutanenmu suka fi kuskurewa a haya shi ne rana. Kada ka sa 1 ga wata don kawai ita ce a takardar haya. Yawancin bankuna ba sa sakin standing order ranar Asabar, Lahadi ko ranar hutun banki, sai ranar aiki ta gaba. Idan 1 ga wata ta faɗo Asabar, kuɗin zai isa Litinin 3 ga wata, ka makara kwana biyu alhali kuɗin na nan zaune a asusunka. Kada kuma ka sa 25, domin umarnin yakan fita tun da asuba, ƙila kafin albashin ya sauka. Sa 27. Ko da 27 ɗin ta faɗo Asabar a watan Fabrairu mai kwana 28, Litinin ɗin da ke biye ita ce 1 ga Maris, kana kan lokaci.

A manhajar banki za a tambaye ka sunan mai asusun, sort code mai lamba 6, lambar asusu mai lamba 8, sannan gurbin reference. Wannan gurbin ka rubuta daidai abin da mai gida ko ejan ya ba ka. Ejan da ke karɓar hayar gidaje da yawa da shi yake gane kuɗin wane ne ya shigo; idan ka rubuta "haya" kawai, za ka iya samun wasiƙar cewa ana binka bashi. Idan kuma bankin ya nuna maka sunan da ka rubuta bai dace da na asusun ba, dakata, ka kira mai gidan da lambar da ka riga ka sani.

Standing order bai san abin da ke faruwa a rayuwarka ba. Idan aka ƙara haya zuwa fam 820 ba ka gyara ba, zai ci gaba da tura 780, bashin fam 40 yana taruwa kowane wata. Mafi ciwo shi ne tashi daga gida: mutum ya miƙa makulli, ya manta bai soke ba, ranar ta zo kuɗi ya tafi wurin tsohon mai gida. Banki ba zai mayar maka da shi daga aljihunsa ba, tunda kai ka ba da umarnin. Sai dai ka bi mutumin, in ya yi taurin kai a kai ga kotu. Ranar da ka ba da sanarwar tashi, ranar ka sa wa umarnin ranar ƙarewa.

Yanzu tsoron da kake ji game da makarantar. Na fahimce shi, duk wanda ya taɓa wayar gari ya ga an zare masa kuɗin da bai san dalilinsu ba, dole ya yi kaffa-kaffa. Amma a Birtaniya direct debit ya fi standing order kariya. Akwai garantin da ake kira Direct Debit Guarantee, za ka gan shi a jikin fom ɗin. Idan za su sauya adadi ko rana, wajibi ne su sanar da kai tukuna, yawanci kwana 10 na aiki kafin cira, sai in kun yi yarjejeniyar wani wa'adi daban. A ce sun turo maka lissafin fam 310 amma suka ciri 410, ko suka cira sau biyu. Bankinka za ka kira kai tsaye, shi zai mayar maka da kuɗin gaba ɗaya nan take, ya je ya sasanta da su. Garantin na kuskuren cira ne kawai. Idan rigimar ita ce ba ka ji daɗin yadda ake kula da yarinya ba, garantin bai shafe ta ba, kuma idan aka mayar maka da abin da ba haƙƙinka ba, za ka biya shi. Haka nan kana iya soke izinin a bankinka duk lokacin da ka so, sai dai sokewar ba ta goge bashi. Idan yarjejeniyar makarantar ta ce a ba da sanarwar wata guda kafin cire yaro, kuɗin watan nan yana wuyanka.

Duba fom ɗin da kyau kafin ka sa hannu. Direct debit na gaskiya sort code da lambar asusu yake nema. Idan ka ga ana neman doguwar lambar da ke jikin katinka, wani tsari ne daban na cirewa daga kati, kuma garantin nan bai rufe shi ba. Ka kuma roƙe su su sa ranar cira tsakanin 28 da farkon wata, lokacin da albashi bai ƙare ba.

Idan rana ta zo babu isasshen kuɗi, yawancin manyan bankuna suna sake gwadawa da rana, muddin ka zuba kuɗin kafin ƙarfe 2. Kunna saƙon gargaɗi a manhaja don ka sani da wuri. In ba haka ba, ko dai biyan ya dawo, ko bankin ya biya ya jefa asusunka cikin bashi mai kuɗin ruwa, abin da da yawanmu muke gudu saboda riba.

Kuɗin Kano kuwa kada ka ɗora shi kai tsaye a kan ko ɗaya. Ana biyansa zango-zango da naira, makaranta takan ƙara kuɗi, canji kuma ba ya tsayawa wuri guda, fam ɗin da ya isa a zangon farko ƙila ya gaza a na biyu. Buɗe asusun ajiya na biyu da sunanka, ka sa ƙaramin standing order ranar 27 yana zuba abin da za ka iya. Idan zango ya kusa, yayanka ya turo maka hoton takardar kuɗin makarantar, ka canza daidai abin da aka rubuta, ka biya cikin asusun makarantar, a turo maka rasit.