Gidan burodi: in ƙara tura burodi ko in buɗe shagon kek?

Tambaya: Ina da gidan burodi a Kano. Muna kwaɓa buhu 6 na fulawa a rana, alhali tandarmu na iya cin buhu 10. Na tara naira miliyan 4. Ɗan'uwana ya ce in buɗe shagon kek na biki a Zoo Road, ni kuma raina ya fi kwanciya da ƙara tura burodi shaguna da teburan mai shayi. Wanne ya fi?

Amsa: Alhaji, ka fara cika tandarka. Bari in nuna maka dalili da jadawalin da masanin dabarun kasuwanci Igor Ansoff ya fitar a 1957, wanda masu nazarin kasuwanci ke amfani da shi har yau.

Jadawalin gida huɗu ne, tambayoyi biyu suka haife shi: kayan tsoho ne ko sabo, masu sayen tsofaffi ne ko sababbi? Burodinka ga kasuwar da ka saba, wannan zurfafa kasuwa ke nan. Burodinka a Wudil ko Bichi, faɗaɗa kasuwa. Sabon kaya ga kwastomominka na yanzu, gida na uku. Sabon kaya ga sababbin mutane kuwa shi ne gida na huɗu, kuma ya fi kowanne haɗari, domin abu biyu za ka koya a lokaci guda.

Shagon kek yana gida na huɗu, ko da yake da fulawa ake yin su duka. Nan mutane ke ruɗuwa. Mai shayi kullum yake saye, farashi da laushi yake dubawa. Uwar amarya sau ɗaya za ta zo, ado take nema, kuma a hoton waya ta ga aikin wata kafin ta zaɓa. Masu kwaɓinka ba su iya ado ba, dillalanka ba su san masu biki ba, ga firji da ke son wuta dare da rana.

Mu yi lissafi da ƙiyasi, sai ka sa alƙalumanka na gaskiya. A ce buhu yana ba ka burodi 100, dillali na ɗauka a kan naira 900, wato 90,000. Fulawa, sukari, bota, yis, leda, itace da ladan ma'aikata sun ci 78,000. Saura 12,000 a kowane buhu. Ka ƙara buhu 2, ka samu ƙarin 24,000 a rana, ba ka biya sabuwar haya ba, ba ka gina tanda ba.

Amma abu biyu ke lalata wannan hanya. Na farko kwantai. Duk burodin da aka dawo maka da shi 900 ce ta tafi, don haka idan 14 suka dawo cikin 100, ribar buhun ta ƙare ƙurmus. Saboda haka kada ka ƙara kwaɓi kafin ka samu masu ɗauka. Ka buɗe littafi ga kowane dillali: nawa ya ɗauka, nawa ya dawo da shi, nawa ake binsa. Ka ƙara rabin buhu, ka duba mako biyu, sannan ka sake ƙarawa. Kuɗin da ka tara, wani ɓangare ya tafi kan babur mai ƙafa uku da zai kai burodi kafin mai shayi ya hura wutar asuba. Sau da yawa wanda ya riga isowa shi ke riƙe teburin.

Na biyu karya farashi, wanda shi ya fi jan hankali kuma ya fi cutarwa. Ka rage naira 50 a kan kowane burodi, ribar buhu ta koma 7,000. Yanzu buhu 6 na ba ka 72,000. Da sabon farashi, ko tanda ta cika da buhu 10, 70,000 za ka samu: ƙarin wahala, ƙarancin kuɗi. In za ka yi rangwame, ka yi shi a kan ƙarin da dillali ya ɗauka sama da abin da ya saba kawai.

Shagon kek kuwa, a ce haya, albashin mai ado da kuɗin wuta sun kai 300,000 a wata, kowane kek na barin 10,000. Sai ka sayar da 30 kafin ka ga sisin riba, kuma da azumi bukukuwa kan ja baya, haya kuwa ba ta jira.

Lokacin duba wani gida yana zuwa idan tanda ta cika, ko kuma duk ƙarin da ka yi kwantai yake komawa ko da ka sauya dillalai. Ko a sannan, gida na uku ya fi kusa: ƙananan kek na leda da dillalanka za su ajiye a shagunan da suka saba. Ka tuna sabon kaya mai leda yana buƙatar rajistarsa daban a hukumar NAFDAC, lambar burodinka ba ta rufe shi ba. Idan har zuciyarka na kan kek na biki, ka gwada da oda daga cikin gidan burodin, a biya rabin kuɗi tun farko, ka ƙirga oda nawa ke shigowa a wata kafin ka kama shago.