Yadda kuɗinka suka ƙone

"Yaya, dubu 200 na saka da lebareji 20. Farashi ya ɗan sauka, komai ya tafi. Me ya faru?"

Ƙanena, lebareji 20, wato ninki 20 na jarinka, na nufin kasuwar miliyan 4 ka riƙe. Saukar kashi 5 cikin ɗari kuwa dubu 200 ce, jarinka kenan kaf.

Na duba hoton da ka turo. Jadawalin farashi na minti 5 ka kalla, ka ga kyandir kore uku, alamar farashi na hawa, ka saya, alhali na awa 4 gangara yake yi, kowane tudu bai kai na bayansa ba. Kuma daidai inda farashin ya juyo sau biyu ka shiga, ko stop-loss babu, wato umarnin da zai fitar da kai daga kasuwa kafin asara ta yi yawa. Ka same ni Kantin Kwari bayan La'asar mu zana shi a takarda.